Gida mai na'ura 11, jerin rauta mai 23: yadda aka buɗe layin baƙi aka sauya kalmar sirrin waifai

Gidan yayata ne, mutum biyar a cikinsa: ita, maigidanta da yara uku. Intanet ɗinsu na shigowa ta rauta guda, wato na'urar da ke watsa waifai, da ke ajiye a falon ciki, da gudun da kamfani ya yi alkawari na megabit 20 a daƙiƙa, kuma akwai ƙaramar na'urar ƙara zango da aka maƙala a soket kusa da ɗakin saukar baƙi saboda siginar ba ta kai wa can da ƙarfi. Kalmar sirrin waifai ɗin ita ce wadda aka saka tun ranar da aka haɗa layin, shekaru da dama baya, kuma lambar wayar maigidan ce.

Ƙorafin da aka kawo mini shi ne da safe intanet lafiya lau, amma daga magariba zuwa dare sai ya zama kamar an shaƙe shi. Bidiyo na tsayawa, kiran bidiyo na yankewa, kuma datar wata tana ƙarewa tun watan bai yi nisa ba. Maigidan ya ɗora laifin a kan kamfani, yayata ta ɗora a kan yara. Abin da ya sa aka daina wannan gardamar shi ne ranar da firintar gidan ta fitar da takarda mai shafi uku da babu wanda ya san ta a gidan. Wani ne daga waje, ƙila bisa kuskure, ya danna bugawa a wayarsa, wayar kuma ta ga firinta a layin da take kai ta tura mata.

Wannan takardar ta fi jinkirin bidiyo muhimmanci a wurina. Jinkiri yana nuna ana shan data. Takardar tana nuna cewa baƙon na'ura tana ganin kayan cikin gida, kuma idan tana ganin firinta to tana ganin kyamarar ƙofa, da kwamfutar aikin maigida, da shafin sarrafa rautar kanta.

Ƙidaya kafin a taɓa komai

Na fara da takarda da biro. Muka lissafa duk abin da ke hawa waifai a gidan: wayoyi biyar, laftof biyu, talabijin, firinta, kyamarar ƙofa, da na'urar ƙara zango. Jimilla 11. Wannan jerin ba don ado ba ne, domin duk abin da ke cikinsa zai sauka daga layi a lokacin da aka sauya kalmar, kuma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an mayar. Abin da aka manta a jerin shi ne abin da za a gano ya mutu bayan mako guda, kuma yawanci kyamara ce.

Daga nan na shiga shafin sarrafa rauta. Adireshinsa yana rubuce a takardar da ke manne a ƙasan na'urar, galibi `192.168.0.1` ko `192.168.1.1`. Idan takardar ta goge, a kwamfutar Windows ana buɗe `Command Prompt` a rubuta wannan:

```
ipconfig
```

Lambar da ke gaban `Default Gateway` ita ce adireshin rautar, sai a rubuta ta a burauza. A cikin shafin akwai jerin na'urorin da ke haɗe, wanda wasu rautoci ke kira `Connected Devices`, wasu `Client List`. Da dare, a lokacin da ake kukan jinkiri, jerin ya nuna 23.

Sai an yi hattara da wannan lambar. Wasu rautoci suna nuna duk na'urar da aka taɓa ba wa adireshi a kwanakin baya, ko da ta bar wurin, saboda haka a nemi jerin waɗanda ke kan layi a yanzu. Sannan wayoyin zamani suna ɓoye ainihin lambar shaidarsu ta MAC: Android tun daga siga ta 10, iPhone tun daga iOS 14 a 2020, suna ƙirƙirar wata lamba ta daban ga kowane layin waifai, kuma sau da yawa ba sa nuna suna. Waya ɗaya da ke hawa mitar waifai ta 2.4GHz yau, ta hau ta 5GHz gobe a ƙarƙashin wani suna, tana iya fitowa sau biyu. Don mu tabbatar, na ce kowa a gidan ya kashe waifai ɗin wayarsa, aka kashe talabijin da laftof ɗaya. Bayan 'yan mintoci na sabunta jerin. Ban da firinta, kyamara, na'urar ƙara zango da ɗayan laftof ɗin gidan da nake aiki da shi, sauran 12 suna nan daram.

Lissafin jinkirin ba shi da wahala. Bidiyo mai kyawun hoto yana cin kusan megabit 5 a daƙiƙa. Mutum huɗu kawai daga cikin 12 ɗin nan su buɗe bidiyo lokaci guda, megabit 20 ya ƙare kafin 'yan gida su samu komai.

Yayata ta ce, "To wa ya ba su? Ni dai mutum biyu na ba wa."

Na ce, "Yaya, ba sai kin ba kowa ba. Wanda kika ba wa shi ma yana iya bayarwa, ko da bai san kalmar da ka ba."

Haka abin yake. Wayar Android tana nuna lambar QR ta layin da take kai, wani ya ɗauka da kyamara ya hau. iPhone tana miƙa wa wata iPhone da ke kusa kalmar da dannawa ɗaya, kuma tun iOS 16 tana nuna ta a fili ga mai wayar. Kwamfutar Windows da ta taɓa hawa layin tana fito da ita da umarni guda:

```
netsh wlan show profile name="SunanLayi" key=clear
```

Akwai kuma manhajojin da ke alkawarin waifai kyauta, waɗanda aikinsu shi ne tattara kalmomin sirrin da masu amfani da su suka adana su raba wa sauran jama'a. Mun sami irin wannan a wayar babban yaron gidan. Ya saka ta ne don ya riƙa samun intanet a waje, bai lura cewa cinikin ya haɗa da kalmar gidansu ba. Ga kuma cewa kalmar lambar wayar maigida ce, wadda duk wanda ya san shi yana da ita. Ban ga amfanin neman mai laifi ba. Kalma ɗaya ce ake miƙa wa ɗan gida da baƙon yini guda, kamar a ce mukullin ƙofar gida shi ne na ɗakin kwana da na akwatin takardu, kuma duk wanda ya riƙe shi yana iya yanko wani.

Hanyoyi biyu da na ƙi bi

Maigidan ya so a toshe baƙin na'urorin ɗaya bayan ɗaya, tunda akwai maɓallin `Block` a gaban kowace. Na hana, saboda toshewar da lambar MAC take aiki, lambar kuma ba ta zaune. A wasu wayoyin ya isa mutum ya sauya saitin lambar ɓoye ya sake haɗawa, sai ya dawo da sabuwar fuska, kalmar sirrin kuma tana hannunsa. Za a yi ta kora suna dawowa.

Yaron kuma ya ce a ɓoye sunan layin. Wannan ma ba ya korar kowa. Wayar da ta riga ta san sunan da kalmar tana iya ci gaba da hawa, kuma kayan binciken waifai na kyauta suna gano ɓoyayyen suna da zarar wata na'ura ta haɗu da shi. Abin da ɓoyewa ke ƙarawa kawai shi ne wahalar haɗa firinta da talabijin.

Sauya kalmar ne ke korar kowa a lokaci ɗaya, domin a tsarin tsaron waifai na WPA2 na gida daga kalmar sirri da sunan layi ake haɗa mabuɗin da kowace na'ura ke shiga da shi. Aka sauya kalma, mabuɗin da ke cikin tsofaffin wayoyi ya tashi aiki. Amma sauya kalma kaɗai an gudu ne ba a tsira ba, domin gobe baƙo zai zo ya nemi waifai, babu kuma abin da za a ba shi sai sabuwar. Dole a sami wata kalma ta biyu da aka yi ta domin a bayar.

Jerin aikin, da dalilin jerin

Na haɗa laftof da rautar da kebul kafin komai. Idan kana sauya saitin waifai ta kan waifai, da ka danna `Save` za ka faɗo daga layin, idan kuma ka yi kuskuren harafi ɗaya a sabuwar kalmar, ka kulle kanka a waje. Abin da ya rage a lokacin shi ne danna ɗan ramin `Reset`, wanda ke goge komai, har da sunan shiga da kalmar da kamfanin intanet ya saka idan layin na PPPoE ne. Da kebul, ko waifai ya ɗauke kana nan a cikin shafin. Na kuma adana kwafin saitin ta wurin `Backup`, sannan na duba ko akwai sabunta manhajar rautar na yi.

Abu na farko da na sauya ba kalmar waifai ba ce. Kalmar shiga shafin sarrafawa ce. Mutane da yawa ba su san biyu ba ne: ɗaya ta hawa intanet, ɗaya ta mulkin rautar. A gidan nan ta biyun tana nan yadda ta fito daga masana'anta, `admin` da `admin`. Ma'ana duk waɗancan 12 ɗin suna iya buɗe shafin su karanta saiti, su sauya abin da suka ga dama. Na saka sabuwa mai tsawo wadda ba ta yi kama da ta waifai ba. Tunda ƙofar ta daɗe a buɗe, na duba wurare uku da mai mugun nufi ke taɓawa: adireshin `DNS`, jerin `Port Forwarding`, da `Remote Management`. Ba a taɓa komai ba, na ƙarshen kuma na tabbatar a kashe yake.

Na biyu, na kashe WPS. Wannan shi ne ɗan maɓallin da ke jikin rauta wanda ke haɗa na'ura ba tare da rubuta kalma ba. Duk wanda ya zauna a falo zai iya danna shi ya hau layin gida. Ɓangaren lambar PIN ɗinsa ya fi muni: a ƙarshen 2011 aka bayyana cewa lambobinsa takwas ana tantance su rabi da rabi ne, na ƙarshe kuma lambar tabbatarwa ce kawai, saboda haka gwaji 11,000 ya isa a fasa shi a rautar da ba ta kulle mai yawan gwaji. Wanda ya fasa PIN, rautar da kanta za ta miƙa masa kalmar sirri, komai tsawonta.

Na uku shi ne layin baƙi, wato waifai na biyu da rautar ke watsawa da sunansa da kalmarsa daban, kuma da gangan na sa shi kafin sauya kalmar gida. Idan ya tashi yana aiki, 'yan gida suna da inda za su raɓa na ɗan lokaci yayin da ake fama da firinta da kyamara, babu wanda zai tsaya a kaina yana cewa intanet ya ɗauke.

A ƙarƙashin `Guest Network` na kunna layin, na ba shi sunan da ba ya ɗauke da sunan iyali ko lambar gida, na zaɓi tsaron `WPA2-PSK` da `AES`, na saka masa kalmarsa. Wasu rautoci suna barin layin baƙi a buɗe babu kalma idan ba a lura ba, wanda ya fi halin da ake ciki muni. Sai kuma saitin da duk aikin ya rataya a kansa: izinin ganin layin cikin gida. Sunansa ya bambanta. A wata rautar za ka ga `Allow guests to access my local network`, a wata `Access Intranet`, kuma so ake ya kasance a kashe. Kusa da shi akwai na hana baƙi ganin junansu, `AP Isolation` ko `Allow guests to see each other`. Na farko a kunna shi, na biyu a kashe, manufarsu ɗaya ce. Layin baƙin da ba a killace shi ba suna ne kawai na biyu a kan layi ɗaya.

Rautar tana da wurin ƙayyade gudu, sai na ba layin baƙi megabit 5 na saukewa da 2 na ɗorawa. Ya isa saƙonni, kiran murya da bidiyo guda, kuma ko kalmar ta sake yaɗuwa, 15 na nan ga 'yan gida. A duba ko iyakar ta layin ce gaba ɗaya ko ta kowace na'ura, domin 5 ga kowace waya ba iyaka ba ce idan wayoyin sun kai goma.

Sabuwar kalmar gida

Tsarin WPA2 yana karɓar kalma daga harafi 8 zuwa 63. Tsawo ya fi dabarar cusa alamomi amfani, kuma ga dalili. Wanda ke kusa da gida yana iya naɗar 'yar musayar da waya ke yi da rauta a lokacin haɗawa, ya tafi da ita ya yi ta gwada kalmomi a kwamfutarsa, rautar ba ta ma sani ba balle ta hana. Lambar waya, ranar haihuwa, sunan yaro da shekara a bayansa, su ne farkon abin da ake gwadawa. Kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, da lamba a ciki, suna ba da harafi sama da 20 kuma ana iya karanta wa mutum su. Siffar ita ce kamar haka, amma kada kowa ya ɗauki wannan ɗin, tunda ga shi a rubuce:

```
tsani-gajimare-47-allura-kada
```

Na guje wa haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Ƙa'idar ta tanadi haruffan boko na Turanci ne da lambobi da alamomin allon rubutu, kuma allon talabijin ko na firinta ba shi da namu. Ko rautar ta karɓa, wata na'urar za ta ƙi.

Sai tambayar ko a sauya sunan layin shi ma. Na sauya. Idan aka bar tsohon suna, kowace waya a gidan za ta yi ta ƙoƙarin shiga da tsohuwar kalma, ta nuna `Authentication error` ko `Incorrect password`, wata ma ta yi shiru kawai ta koma datar sim ba tare da mai ita ya lura ba. Maganinsa a danna `Forget` a sake haɗawa, amma sabon suna yana kawar da ruɗanin gaba ɗaya, kuma tsofaffin wayoyin maƙwabta ba za su yi ta ƙwanƙwasa ƙofa ba. Wanda bai so ya sauya suna ba laifi, muddin ya san zai bi kowace na'ura ya mantar da ita.

Rautar tana da WPA3, magajin WPA2, wanda ya fito a 2018 kuma ya toshe waccan hanyar gwada kalmomi a ɓoye. Yana da wata fa'idar: a WPA2, wanda ya san kalma kuma ya naɗi haɗawar wata na'ura yana iya warware zirga-zirgarta ta iska, ko da yake shafukan HTTPS suna nan a rufe da nasu kullen. A WPA3 sanin kalma bai isa yin haka ba. Na zaɓi `WPA2/WPA3` na haɗaka don tsofaffin na'urori su samu shiga. A nan ne matsala ta farko ta fito.

Wayoyi da laftof sun hau cikin 'yan mintoci, kuma ni na rubuta kalmar da hannuna a kowace, bayan an cire waccan manhajar daga wayar yaron. Talabijin ma bai ba da wahala ba. Firinta sai da aka shiga menu ɗinta aka goge saitin layi, aka sake zaɓar suna. Ta samu sabon adireshi, `192.168.1.23`, laftof ɗin maigida kuma ya ci gaba da neman ta a tsohon yana cewa `Offline`, har sai da aka cire ta aka sake ƙara ta. Don kada a maimaita, na ɗaure mata wannan adireshin a `Address Reservation`.

Kyamarar ƙofa ce ta ƙi. Tana ganin sunan layi, tana karɓar kalma, fitilarta ta yi ta ƙiftawa sannan ta ce ta kasa. Alamar da ta nuna ba kuskuren rubutu ba ne ita ce, da na haɗa ta da layin baƙi mai WPA2 zalla, nan take ta hau. Wasu tsofaffin na'urori masu 2.4GHz kaɗai ba sa jituwa da yanayin haɗaka. Zaɓi biyu ne: a mayar da layin gida duka WPA2 saboda ita, ko a bar ta a layin baƙi. Da farko na karkata ga barin ta a can, domin ta intanet ake kallon ta a manhaja, kuma na'ura mai arha da ba a sabunta ta ya fi kyau ta yi nesa da kwamfutar aiki. Amma kalmar baƙi za a riƙa sauya ta, kuma duk sauyi yana nufin hawa tsani a sake saita kyamara. Sai na bar 5GHz a kan haɗakar WPA2 da WPA3, na mayar da 2.4GHz na gida WPA2 da AES, kowanne da sunansa, kyamara ta hau na biyun. Da kalma mai harafi sama da 20 da ba a iya hasashenta, WPA2 ya wadatar da gida. Abin da ba zan koma masa ba ko don wace na'ura shi ne tsohon tsaro irin WEP ko TKIP. Na'urar da ba ta iya komai sai su, lokacin ritayarta ya yi.

Gwajin killacewa

Ban yarda da akwatin da na danna ba sai na gwada. Na ɗauki waya, na kashe datar sim, na hau layin baƙi. Shafukan intanet suna buɗewa. Na rubuta `192.168.1.1`, ya ƙi buɗewa. Na rubuta adireshin firinta, shi ma ya ƙi. Daga laftof da aka cire wa kebul aka ɗora a layin baƙi:

```
ping 192.168.1.23
```

Amsar ita ce `Request timed out`, wadda a nan ita ake so. Daga layin gida kuma firintar tana amsawa, wanda ya tabbatar da cewa shirun daga killacewa ne, ba don firintar ta yi barci ba. Wannan gwaji na biyu mutane ke tsallakewa.

Akwai gidajen da gwajin zai faɗi ko da an danna komai daidai. Idan rautar tana aiki a yanayin `Access Point` a bayan wata, killacewar ba ta aiki a nau'o'i da yawa. Idan kuma rauta biyu ne a jere, ta kamfani da wadda aka saya, baƙon da ke kan ta biyu yana iya ganin abin da ke haɗe da ta farko, sannan ta kamfanin tana iya ci gaba da watsa nata waifai da tsohuwar kalma babu wanda ya tuna da shi. A irin wannan gidan, a buɗe layin baƙi a rautar da intanet ke shigowa ta kanta, a kashe waifai ɗin da ba a amfani da shi.

Killacewa tana da farashinta. Baƙo ba zai iya tura bidiyo daga wayarsa zuwa talabijin ba, ba zai iya buga takarda ba. Na gaya wa yayata tun da wuri cewa idan hakan ta taso, baƙon ya turo wa ɗan gida fayil ɗin a buga masa, kada a ce bari a ba shi ta gida "na minti biyu".

Inda gizo ke saƙar

Ba a jima ba jerin layin gida ya nuna na'urori 13. Biyu sun ƙaru. Na tambayi yaron, bai ɓoye ba.

"Kawu, abokaina ne. A ɗakin baƙi muka zauna, na baƙin kuma ba ya kamawa a can, sanda ɗaya yake nunawa. Sai na nuna musu QR na gida."

Gaskiyarsa ce. Na'urar ƙara zango irin ta gidan tana maimaita layi ɗaya ne kawai, wanda aka haɗa ta da shi, kuma da layin gida aka haɗa ta. Sakamakon shi ne a ɗakin da baƙi ke zama, layin gida ne mai ƙarfi, na baƙi kuwa da kyar yake isowa daga falon ciki. Tsarin ya yi daidai a shafin rauta, amma a ɗakin da ake buƙatarsa ba ya nan. Duk dokar da za a kafa wa yaro ba za ta yi tasiri ba idan abin da aka ce ya bayar ba ya aiki.

Gyaran shi ne na mayar da na'urar ƙara zangon saitinta na asali, na haɗa ta da layin baƙi a 2.4GHz, wanda ya fi ratsa bango. Kafin haka na matsar da rautar daga bayan talabijin zuwa saman kanta a buɗaɗɗen wuri, domin na'urar ƙara zango ba ta iya maimaita abin da ba ta ji da kyau, kuma wurinta tsakanin rauta da ɗakin ne, ba cikin ɗakin da sigina ta mutu ba. Na sa mata kalmar baƙi, na sauya kalmar shafin sarrafa ta ita ma, na sake gwajin firinta daga can: babu amsa. Yanzu duk wanda ya hau ta cikinta yana cikin killacen baƙi da iyakar megabit 5. 'Yan gida idan sun shiga ɗakin su ma layin baƙi suke hawa, kuma ba su rasa komai ba sai firinta. Gidan da ke da tsarin rautoci masu haɗin gwiwa, waɗanda ke watsa layukan biyu daga kowane reshe, ba zai gamu da wannan ba, amma a gwada a kowane ɗaki, domin wasu suna watsa layin baƙi daga uwar na'urar kaɗai.

Tunda kalmar gida ta riga ta fita zuwa wayoyi biyu, an sake sauya ta. Wannan karon sunan bai canza ba, jerin na'urori yana hannu, aikin bai ɗauki lokaci ba sai kyamara.

Don bayarwa ta yi sauƙi, na buga lambar QR ta layin baƙi aka ajiye a ɗakin. Wayar Android da ke kan layin tana samar da ita ta maɓallin `Share`, abin da ke cikinta kuma rubutu ne mai wannan siffa:

```
WIFI:T:WPA;S:SunanLayinBaki;P:kalmar-baki;;
```

Kalmar a fili take a cikin lambar, duk wanda ya ɗauki hotonta ya samu, saboda haka ba a yi wa layin gida irin ta ba. Kalmar gida da ta shafin sarrafawa suna rubuce a takarda a wurin yayata da maigidanta. Babu saitin da zai hana wayar ɗan gida nuna QR na layin da take kai, wannan sai magana da fahimtar juna, kuma maganar ta fi shiga yanzu da akwai abin bayarwa mai aiki.

Kalmar baƙi ana sauya ta bayan duk wani taro mai yawan jama'a, ko idan jerinta ya nuna na'urori a daren da babu baƙo a gidan. Sauyin ba ya taɓa firinta, talabijin ko kyamara. Abu biyu ne ke bin sa: a sake haɗa na'urar ƙara zango da sabuwar kalma, a buga sabuwar QR a yaga tsohuwar. Kalmar gida kuwa ba ta da kalanda. Ana sauya ta ne idan jerin ya wuce 10, adadin na'urorin gidan bayan mai ƙara zango ta koma ɓangaren baƙi, kuma aka kashe wayoyi aka ƙirga aka ga ƙarin ba na gida ba ne, ko idan waya ko laftof mai ɗauke da ita ya ɓata.